Kwana Bakwai Ba Albashi

Ku yi mini gafara, ni ba marubuciya ba ce. Ban taɓa rubuta abin da ya wuce wasiƙa ba sai yau. Malama ta ce duk wadda ke da labari ta rubuta ta kawo, na ce ba ni da shi, na dawo gida na kasa cin tuwo, don ƙarya na yi. Ina da guda ɗaya. In kun ga na yi gaba na dawo baya, ku yi haƙuri, ko a magana haka nake.

Sunana Safiyatu. Babana Malam Zayyanu shi ne mai zaɓen fata a rumfar kamfani ta Wurno. Mahauta da 'yan ƙauye su kawo fatun jajayen awaki, shi kuma ya ɗaga kowace a haske, ya shafa ta, ya duba ko wuƙa ta ci ta, ko ƙazuwa ta ɓata ta, ko an shanya ta a ƙasa maimakon a inuwa. Daga nan ya ce wannan lamba ɗaya ce, wannan biyu, wannan a mai da ita gida. In ba ya nan ba a sayen fata ko guda, don ko Manaja bai iya ba.

Shekara tara ke nan a lokacin rabonsa da mahaifiyarsa, Kaka Habi, da ke zaune a Boyekai ta ƙasar Goronyo. Ran da ya bar gonar gidansu ya kama aikin Nasara ta ce kada ya ƙara taka mata ƙofa, shi kuwa bai taka ba. Yana aika mata da goro da zane, ana dawo da su yadda sunka tafi.

A shekarar 1954, ran Asabar da safe, washegarin tsayuwar watan azumin tsofaffi, wani mai kawo busasshen kifi ya yi sallama a zaurenmu da saƙo daga Kaka. Ta ce a gaya wa Baba ya zo, tana son ta yafe masa da bakinta. Ta ce kuma kada ya daɗe, don ba ta jin za ta ga watan nan ya cika.

Baba ya tambayi mai kifin, "Ciwo na takai?"

"Ba ta ciwo. Na iske ta zaune tana ɓarar gujjiya."

Mai kifin ya yi sallama ya tashi.

Hutun shekara na kamfani da damina ake ba da shi, sa'ad da fata ke ƙaranci, kuma Baba ya riga ya ci nasa. Abin da ya rage sai hutun da ba albashi, shi ma sai an roƙa a rubuce. Baba ajami ya iya, Manaja kuwa, wani dogon Bature mai jan wuya, Hausar boko kaɗai yake karantawa. Da akwai mai rubuta wasiƙa a bakin kasuwa, amma abin da ka faɗa masa da hantsi, kafin azahar ya kai har garin Dinawa. Ni na gama aji huɗu, ina taya Malama kula da ƙananan yara. Sai Baba ya kira ni, ya ce in ɗauko alƙalami da tawada.

Ga abin da ya faɗa na rubuta:

"Zuwa ga Manaja, gaisuwa mai yawa da ladabi. Bayan haka ina roƙon a ba ni hutu ba albashi, daga yanzu har abin da Allah ya yi, don in tafi Boyekai. Ni ne baranka, Zayyanu mai zaɓen fata."

Na ji daɗin rubutun. Ban goge ko harafi ɗaya ba.

Ran Litinin takardar ta dawo da jan fensir a gefenta, tambaya huɗu, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Daga yaushe? Zuwa yaushe? Don me? Wa zai yi aikinka? Baba ya ce in sa mayafi in bi shi rumfa, a gyara a can gaban akawu, don kada a yi ta kai da kawo.

Ban taɓa shiga rumfar ba sai ran nan. Doguwa ce, rufin kwano, ba taga sai ƙananan ramuka can sama. Fatu rataye jeri jeri, ƙafafunsu huɗu a buɗe, sun bushe sun yi ƙarau. Ba iska, amma in ka wuce sai su motsa a bayanka, su riƙa gogar juna kamar mutane na raɗa. Warin maganin ƙwari ya cika ko'ina. Na riƙe bakin rigar Baba kamar ƙaramar yarinya har munka fita ta ɗaya gefen, inda ofishin Malam Shittu yake.

Malam Shittu shi ne akawu, mutumin Ilori, gajere, mai son dariya. Ya karanta takardata ya buga tebur.

"Har abin da Allah ya yi! Malam Zayyanu, a wane shafi na kalanda zan sami wannan ranar?"

"To mi za ni cewa, Malam akawu? Ni na san ran da za a sallame ni?"

"Kai ba ka sani ba, Manaja kuwa dole ya sani. Yaushe kake son tafiya?"

"Biyat ga azumin tsohwahhi."

"Manaja bai san tsofaffi suna da wata ba." Ya juyo wurina. "'Yar boko, zo nan. Ranaku uku ake rubutawa. Ranar farko da ba ya wurin aiki, ranar ƙarshe, da ranar da zai tsaya a rumfa ƙarfe bakwai na safe. Ki sa sunan rana da lambarta da watan Bature. In kin bar ɗaya, jan fensir."

Ya ɗora yatsa a kalandar bango muna ƙirgawa. Baba ya ce kwana bakwai sun isa, yini guda zuwa, yini guda dawowa, biyar a can. Na rubuta daga Laraba 10 ga Maris zuwa Talata 16, zai koma aiki Laraba 17. Dalili kuwa munka daɗe a kansa. Ba a rubuta wa Bature cewa uwarka ta ce ba za ta ga wata ya cika ba. Malam Shittu ya ce a sa ba ta da lafiya. Baba ya ce mai kifi ya iske ta tana ɓarar gujjiya. Malam Shittu ya ce tsohuwar da ta haura saba'in, ko tana rawa ba ta da lafiya. Na rubuta. Mai riƙon aiki kuma Baba ya ce a sa Isa, mai zaɓen fata na rumfar Rabah.

Ran Talata da hantsi Manaja ya kira Baba. Ni ina zaune a ƙasa bayan teburin Malam Shittu, ƙofa a buɗe, ina jin komai. Hausarsa a miƙe take, kalma bayan kalma, kamar mai karanta allo.

"Ranaku sun yi daidai yanzu. Isa ba zai yiwu ba. Shi kaɗai ne a Rabah, idan ya zo nan a rufe can. A Goronyo akwai mutum biyu. Ka rubuta Lauwali, kuma sai ya sa hannu ya yarda."

"To, ranka shi daɗe."

"Sa'an nan dalili. Ina takardar malamin asibiti?"

"Ranka shi daɗe, babu asibiti Boyekai."

"Idan babu takarda, sai sanarwar mako biyu, kamar kowa. Bara wani ya ce uwarsa ba ta da lafiya, aka gan shi yana huɗa a gonarsa. Ka tafi ashirin da uku ga wata."

Baba ya fito ya tsaya gaban kalanda, ko da yake bai iya karanta ta ba. Ya ce in ƙirga masa. Na ƙirga da yatsu a ƙarƙashin mayafi. Ashirin da uku ga Maris ya kama sha takwas ga wata. Wata zai cika, har ya fara raguwa.

"In na tahi hakanan, ba takarda?"

Malam Shittu ya daina dariya. "Kwana uku ba ka zo ba, in ja layi a kan sunanka. Ba ni na sa dokar ba. Mutum nawa kake ciyarwa?"

"Takwas."

Malam Shittu ya tashi ya tura ƙofar Manaja a hankali har ta rufe. Ya dawo ya rage murya. Ya ce abu ɗaya ne ba a neman masa takardar asibiti ko sanarwa, kuma Manaja bai taɓa hana shi ba. Rasuwa.

"A'uzu billahi," in ji Baba. "Uwata na da rai."

"Shi ya sa nake gaya maka. Kana son ka gan ta da ran nan, ko kana son ka rubuta gaskiya ran ashirin da uku?"

Baba ya fita zuwa cikin fatu. Ina hango ƙafafunsa ta ƙarƙashin jerin, ya je ƙarshe ya dawo, ya je ya dawo. Ban san ko sau nawa ba. Da ya shigo bai dube ni ba. Ya ce, "Rubuta."

Na ce, "Baba, mi za ni rubutawa?"

Na san abin. So nake ya faɗa da bakinsa, don kada ya zama nawa ni kaɗai. Bai faɗa ba. Malam Shittu ne ya faɗa, yana duban rufi. Na tsoma alƙalami na rubuta: "Dalili, mahaifiyata Habi ta rasu a Boyekai jiya Litinin, 8 ga Maris." Alƙalamin ya tsaya a kan kalmar rasuwa, tawada ta taru ta yi ɗigo. Na ce bari in sake wata. Malam Shittu ya ce a bar ta, ai haka rubutun mai rashi yake.

Ya buga ta a keken rubutu, takarda uku da kabon a tsakaninsu, Hausa a sama, Turanci a ƙasa. Ɗaya ta ofis, ɗaya ta Baba, ɗaya ta Goronyo mai layin da Lauwali zai sa hannu. Baba ya rubuta sunansa da ajami a kowace.

Manaja ya karanta ya fito da kansa. Ya miƙa wa Baba hannu.

"Allah ya ji ƙanta. Na san ku kuna binnewa ran nan, saboda haka an riga an gama. Gobe mota tana zuwa ɗaukar ɗaurin fata. Ka gama mini ɗauri, ka tafi Alhamis, direba ya sauke ka Goronyo."

Ya ja layi a kan ranakun da munka sha wahalar ƙirgawa, ya rubuta da jan fensir a duk ukun: Alhamis 11 zuwa Laraba 17, komawa aiki Alhamis 18. Ya sa hannu. Ya kira Ɗantani masinja, ya ce ya hau keke yanzu ya kai wa Lauwali tasa a Goronyo.

Mu uku munka yi ta tunanin Manaja, ba wanda ya yi tunanin Ɗantani. Yana tsaye a baranda sa'ad da Bature ya yi ta'aziyya. Dattijo ne mai zumunci, ba ya iya wuce ƙofar aboki da labarin rashi a bakinsa. Kafin ya bar gari ya tsaya wurin mahauta, ya tsaya ƙofar masallaci.

Da la'asar ana sallama a zaurenmu. Mahaifiyata ta leƙa ta dawo ta zauna a bakin murhu, ta ce ita ba ruwanta, ba ta karɓar gaisuwar mai rai. Amma mata sun riga sun shigo da ƙwaryar gero. Baba ya shimfiɗa tabarma. Ina jin su ta bayan zana, ɗaya bayan ɗaya. Ya haƙuri, Malam Zayyanu. Allah shi jiƙan ta, shi sa ta huta. Baba kuma yana cewa amin. Ba shi da abin cewa sai amin, don a cikin masu gaisuwar har da leburorin rumfa. Wani tsoho ya ce ai ya san ta tun tana budurwa, mace ce mai tsare gaskiya. Baba ya ce haka ne. Ran Laraba ma, da ya taso daga ɗauri, ya tarar da wasu na jiransa. Bai ci abinci ba kwana biyun nan. Ni kuma duk wanda ya ce Allah ya jiƙan ta sai in ji kamar da ni yake magana.

Mahaifiyata na goyon jariri, don haka ni anka ce in bi Baba. Ran Alhamis bayan asuba munka hau bayan motar kamfani, muna zaune a kan ɗaurin fata. Takardarsa tana cikin hularsa. Duk tafiyar bai ce mini komai ba, sai sau ɗaya da ya tambaye ni ko nawa ga wata. Na ce shida.

Rana ta ɗaga munka sauka a rumfar Goronyo. Lauwali na zaune a ƙofa da ƙunshin kayansa, yana jiran motar ta juya da shi Wurno. Abokin Baba ne tun suna yara. Da ya gan mu ya miƙe. Ya kama hannun Baba ya ja shi gefe.

"Zayyanu, mi kay yi haka?"

"Ka sa hannu?"

"Na sa tun shekaranjiya, kahin in sani. Ɗantani ya karɓa ya koma. Ni kau jiya da sahe nit tara mutane, mu goma sha, munka tahi Boyekai gaisuwa. Uwarka ta, ta ba ni hura ina yaro, in zamna?"

"Kun gane ta?"

"Na gane ta."

"Tana..."

"Tana nan. Ta kira ni bakin ɗaki. Tac ce in tahi Wurno in riƙe ma aikinka, in riƙe bakina." Ya ɗauki ƙunshinsa. "Ni ba ni cewa komi ga Bature. Amma yi sauri, Zayyanu. Abin da nig gani can ban taɓa ganin irinai ba."

Munka kama hanya da ƙafa ta cikin fadama. Albasa ta yi kore, masu ban ruwa na jan jigo. Wani ya ɗago daga rijiyarsa ya gane Baba, ya saki igiya ya tsaya yana kallonmu, bai gaishe mu ba. Na gaba ma haka. Munka ci gaba da tafiya, rana tsaka, zafi.

Tun daga nesa na ga jakuna ɗaure a gindin wata tsamiya, sun fi ashirin. A ƙofar gidan Kaka an shimfiɗa tabarmi har bakin hanya, maza zaune sahu sahu, takalmansu a jere. Na taɓa ganin zaman makoki, ana salati, ana raba goro, wani na shiga wani na fita. Wannan ba mai magana. Ba mai jan carbi ma. Suna zaune kawai, hannuwa a gwiwa, suna fuskantar ƙofa. Da munka iso duk kawunan sunka juyo tare.

Baba ya yi sallama. Sunka amsa ƙasa ƙasa. Ba wanda ya ce masa ya haƙuri, ba kuma wanda ya ce sannu da zuwa. Liman ya matsa ya ba mu hanya.

A tsakar gida mata ne cike, su ma shiru. Goggo Asabe, ƙanwar Baba, ta taso ta tare mu, idanunta sun kumbura. Ba ta gaishe shi ba.

"Tun jiya mutane ka zuwa. Daga Goronyo, daga Taloka, har da dangin babanmu na ƙetaren gulbi. Kowa yaz zo in ce mai tana da rai. Sai tac ce kada a bar kowa shi koma."

"Don mi?"

"Tac ce su zamna, kada su yi tahiya biyu."

Ɗakin Kaka a share yake tas. Ba ƙwarya ko ɗaya a jere, ba tukunya, ta rabar da su. Tana zaune a kan tabarma ta jingina da bango, 'yar ƙarama, cikin farin zane wankakke. Idanunta garau. Baba ya durƙusa tun daga bakin ƙofa, ya rarrafa har gabanta, ya kifa goshinsa a ƙasa. Hularsa ta faɗi, takardar ta fito.

"Tashi," in ji ta. "Ka tsuhwa. Wa ta wagga?"

"Safiyatu ta, Inna."

"Wadda anka sa boko? Matso, ƙawata, ba ni cizo, haƙoran sun ƙare. Ke kir rubuta?"

Na ce e, ko kuwa bakina ya yi alamar e.

"Karanta min. An ce ina ciki."

Na dubi Baba, bai ɗago ba. Na buɗe takardar na karanta tun daga gaisuwa. Da na zo kan dalili na tsaya. Ta ce in ci gaba. Na karanta mata cewa ta rasu ran Litinin.

"Litinin," ta ce. "Ashe na makara da kwana ukku." Ta yi dariya har tari ya kama ta. Ba wanda ya taya ta. "To, sauran. Kwana nawa Nasaran yab ba shi?"

"Bakwai, Kaka. Daga yau zuwa Laraba. Alhamis da sahe shi koma aiki."

"In bai koma ba?"

"A cire sunanai."

"In kau Nasaran yaj ji ina nan ina shan hura?"

Baba ya ce, "Inna, ki bar wagga magana. Aiki banza na. Ni na yi ƙaryar, ni ka ɗaukar ta. Ki yi shekara goma nan gaba, in dawo in yi miki noma."

"Kai da ba ka iya riƙon kalme ba tun kana yaro." Ta ɗaga yatsunta tana lanƙwasawa. "Laraba ranar hanya ta. A yi sadakar ukku kana nan, ka raba sauran 'yan kayan ga, ka ga gonar. Kwanakkin sun isa. Wanda yas shirya takardar ga ya san aiki."

Liman ya matso bakin ƙofa, ya yi gyaran murya. "Habi, ki ji tsoron Allah. Ba mai sanin ranatai."

"Ban ce na sani ba, Malam. Jikina ni ka gaya muku, tun kahin takarda. Takarda mutane kawai tat tara min." Ta juyo wurin Baba. "Shekara tara ina hushi da kai don ka bi Nasara. Jiya Lauwali ya zamna nan yana ba ni labari, wai duk ƙasar ga ba wanda ka cewa ka taɓa kiran hwata ta biyu ta ɗaya, ko ta ɗaya ta biyu. To ga shi ka yi ƙarya guda, kuma don ka gane ni kay yi ta."

Ta ɗora hannu a kansa, inda gashi ya fara fari.

"Zayyanu."

Goggo Asabe ta toshe baki da mayafi. Baba ɗan fari ne, kuma a gidajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Tun da ta haife shi, sai dai ta ce wanga yaro, ko ta yi magana da bango yana ji. Shekararsa arba'in da biyar bai taɓa jin sunansa a bakinta ba.

"Zayyanu, na yahe ma, duniya da lahira. Nono da goyo da hushi, duka. Kai ma ka yahe min."

Baba ya yi kuka irin wanda ban san manya na yi ba. Ta bar shi ya yi, tana shafa kansa. Can ta ce ya isa, ya fita ya zauna da baƙinsa, tun jiya suke jiran mai gida. Ya fita yana dafa bango.

Ni ban san ko in tashi ba. Ta kamo hannuna na dama, ta juya shi, ta duba yatsar da tawada ta ɓata.

"Kada ki sa ma ranki komi, kin ji? Aiko ki anka yi." Ta sake ni. "Asabe, ɗora ruwa. Ki taimake ni in kwanta, bayana ya gaji."

Goggo ta kwantar da ita a gefen dama, fuskarta gabas. Na fito na tsaya jikin rumbu. Anka kira la'asar, maza sunka yi salla a nan ƙofar gida, sunka koma kan tabarminsu. Ruwa ya yi zafi, wata ta sauke, ya huce, ta sake ɗorawa. Kaji na kiwo a tsakanin ƙafafun mata. Kusa da ni wasu biyu na raɗa, ɗaya na cewa an ce wata yarinya ce ta rubuta, 'yar boko, ɗayar na tambaya ko wace ce, ko ta zo. Na cusa hannuna cikin mayafi.

Inuwar rumbu ta kai bakin ɗaki sa'ad da Goggo Asabe ta ɗaga murya da salati. Matan sunka tashi gaba ɗaya sunka nufi ɗakin. A waje na ji tabarmi na motsi, maza na gyara zama, sai muryoyi sunka tashi tare kamar an buɗe musu baki.

Akwai wata ɓaraka a darnin bayan rumbu, inda awaki ke bi. Na sunkuya na bi ta nan tun ba wanda ya waiwayo, na gangara cikin albasa.